Mabiyan bogi da yabon bogi: yadda ake saya wa shago farin jini

Saura mako uku azumi, Goggona da ke zaune a Makka ta turo mini hoton wani shafin Instagram na masu sayar da abaya. Tana so ta sari guda 60 a kan riyal 45 kowace ɗaya, ta aika Kano, kuma mai shagon ya ce sai ta fara tura rabin kuɗin, wato riyal 1,350. Da na kira ta na tambaye ta ko ta san shagon, sai ta ce: "Kai ɗan nan, mutum dubu casa'in da biyu ne ke bin su. Ai wannan taro ba zai haɗu a kan ƙarya ba."

Wannan magana ta Goggo ita ce jarin masu wannan harka gaba ɗaya, don haka da ita zan fassara mabiyan bogi da yabon bogi.

Mabiyan bogi su ne asusun da ake saya da kuɗi domin lambar da ke saman shafi ta kumbura. Wasunsu na'ura ce ta ƙirƙire su dubu-dubu, wasu asusun mutane ne da aka sace, wasu kuma mutane ne na gaske da ake ba ɗan abin da bai taka kara ya karya ba su danna maɓalli su wuce. Yabon bogi kuwa shi ne sharhi ko taurari biyar daga wanda bai taɓa sayen kayan ba. Larabawa a nan Saudiyya suna ce musu mutabi'in wahmiyyin da taƙyimat wahmiyya. Mu kuma mun daɗe da sanin irinsu tun kafin waya. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai tallar magani a bakin tasha ya ga mutumin nan da ke fitowa daga cikin taro yana rantsuwa cewa maganin ya warkar da shi, alhali tare suka zo da safe kuma tare za su raba ciniki da yamma.

Sayen ba wuya. Akwai shafukan da ake kira SMM panel, inda mutum zai liƙa adireshin shafinsa, ya zaɓi adadi, ya biya. Mabiya dubu na masu arha ba su kai kuɗin abaya ɗaya ba. Akwai zaɓin a zubo su gaba ɗaya cikin dare, akwai na a riƙa ɗigo su kaɗan-kaɗan kullum don kada a lura, har ma da alkawarin cike gurbi idan kamfanin Instagram ya share wasu. Kuma yana sharewa. A Disambar 2014 Instagram ta yi wata babbar shara da ta sa wasu fitattun mutane suka wayi gari sun rasa mabiya fiye da miliyan.

Da na je Makka a ranar Juma'a, muka zauna da Goggo da wayarta, na ce ta bar kallon lambar sama, mu sauko ƙasa. Muka buɗe hotuna goma na ƙarshe da shagon ya ɗora, muna rubuta yawan waɗanda suka danna alamar so a kowane. Mafi yawa ya samu 58, mafi ƙanƙanta 27, idan aka raba daidai kusan 40 ke nan. Sai na raba 92,000 da 40. Amsar ita ce 2,300. Ma'ana, a cikin kowane mabiya 2,300 mutum ɗaya tak ne ya motsa yatsa. Don ta gane bambancin, muka buɗe shafin wata maƙwabciyarta mai haɗa turaren wuta, wadda mabiyanta ba su wuce 3,000 ba. Hotunanta suna samun kusan 120, wato mutum ɗaya cikin 25. Goggo ta yi shiru, can ta ce: "To wannan ai taron tsintsiya ne, ba shara."

Wannan lissafi shi kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma ya kamata a faɗi haka don kada a zalunci mai gaskiya. Babban shafi dama kason masu amsawa yakan ragu, kuma shagon da ya yi shekara bai ɗora komai ba zai iya yin sanyi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, alamar so ita ma sayenta ake yi, don haka mai wayo yakan saya ta daidai da mabiyansa. Lissafin yana nuna maka inda za ka ƙara tono ne kawai.

Sai muka shiga jerin mabiyan kansu, muka buɗe 30 ba tare da zaɓe ba. Ashirin da biyu daga ciki ba su da hoton fuska ko kuma ba su taɓa ɗora komai ba. Sunayensu haruffa ne da lambobi a cakuɗe, kowannensu yana bin shafuka dubu biyar ko shida, shi kuma masu binsa ba su kai goma ba. Waɗanda suka yi rubutu, sun yi shi ne da harsunan da ba Larabci ba, ba Hausa ba, ba kuma na wata al'umma da ke sayen abaya a Hijaz ba. Shagon da ke ikirarin yana sayar wa matan Makka da Jidda, ina matan suke?

Inda na fi daɗewa shi ne sharhin, domin nan ne zuciya ta fi saurin yarda. Mai saye na gaske yana da ƙorafi da tambaya. Zai ce tsawon 56 ya yi mata gajere, ko yadin yana da zafi, ko kayan sun yi kwana huɗu kafin su iso, ko ya tambayi ko akwai ruwan toka. A wannan shafi babu ko ɗaya mai irin wannan. Duka "Masha Allah, kaya masu kyau" ne da "amintattu ne wallahi", kuma goma sha ɗaya daga ciki an rubuta su a rana guda, bayan makonni babu kowa. Babu mai tambayar farashi, alhali duk wanda ya taɓa tallar ko da ɗan kwali ya san cewa "nawa ne?" ita ce kalmar da ta fi cika shafi. Akwai kuma tarin hotunan hirar WhatsApp da aka jera a sama, wai godiyar kwastomomi. Wannan ba shaida ba ce ko kaɗan, domin mai waya biyu zai iya rubuta wa kansa godiya hamsin kafin shayinsa ya huce. A uku daga cikin hotunan ma kuskuren rubutu iri ɗaya ne a kalma ɗaya.

Abin da ke damuna a nan shi ne, wani lokaci 'yan'uwanmu ne ake sa wa su rubuta. Saƙo zai shigo wa yaro ko matar da ke neman abin rufin asiri cewa ga aiki daga gida: ka ba wani gidan abinci taurari biyar a Google Maps, ka turo hoto, a ba ka riyal kaɗan. Sukan biya na farko da na biyu. Daga nan sai a ja mutum zuwa wani zaure na Telegram a ce ya sa nasa kuɗin domin a buɗe masa manyan ayyuka, kuma a nan ake cinye shi. Kafin a kai can ma, ya riga ya ba da shaida a kan abin da bai gani ba, wadda wani bawan Allah zai dogara da ita ya fitar da kuɗinsa. Shaidar zur ce, ko da yatsa aka yi ta.

Mataki na gaba bai ɗauke mu minti ɗaya ba. A shafin kasuwanci na Instagram, idan ka taɓa ɗigo ukun da ke sama za ka ga About this account. Yana nuna watan da aka buɗe asusun, da ƙasar da yake, da ko an taɓa sauya masa suna. Na shagon nan an buɗe shi a 2019, an sauya suna sau huɗu, amma hoton abaya mafi tsufa bai wuce makonni bakwai ba. Wannan alama ce ta asusun da aka saya da mabiyansa, aka goge abin da ke ciki, aka sa masa sabuwar riga.

Sai dai duk wannan yana nuna cewa taron na haya ne, bai tabbatar da cewa mai shagon ɓarawo ne ba. Akwai 'yan kasuwa masu kaya na gaske da ke sayen mabiya don kunyar a ga shafinsu fayau. Ban yarda da uzurinsu ba, domin yaudara ce, amma tambayar Goggo ita ce ko kuɗinta za su dawo da abaya. Amsar wannan tana wurin abin da ba a saya a SMM panel.

Saudiyya ta fitar da dokar cinikin intanet a 2019, wadda ta wajabta wa mai shago bayyana sunansa da adireshinsa da lambar rajistarsa idan yana da ita. Ana tantance shagunan intanet ta Cibiyar Kasuwanci ta Saudiyya, kuma kowa zai iya bincika lambar sijillin tijari, wato rajistar kasuwanci mai lambobi goma, ya ga sunan da ke kanta da ko tana aiki. Na ce wa Goggo ta nemi lambar. Ta rubuta masa, ya amsa da cewa ta duba yawan mabiyansu da yabon jama'a. Ta sake tambaya, ya ce rangwamen zai ƙare da magariba. Da ta nemi asusun da za ta tura kuɗin, sai ya ba da na wani mutum mai suna daban, ba na shago ba. Ta ce to a faɗa mata inda shagon yake, ɗanta zai zo daga Jidda ya gani ya biya hannu da hannu. Daga nan bai sake amsawa ba.

Haka abin yake ga masu kiran kansu gwanayen zuba jari, illa dai asarar ta fi girma. Zauren Telegram mai mutum dubu hamsin wanda alamar ido a ƙasan kowane saƙo ke nuna 300 ya riga ya tona kansa, kuma hotunan riba ana haɗa su da asusun gwaji wanda kuɗin cikinsa ba na gaske ba ne. A Saudiyya ba a ba da shawarar zuba jari a hannun jari ko juya kuɗin mutane sai da lasisin Hukumar Kasuwar Jari, kuma jerin masu lasisin yana shafinta. Shi ma mai tallata wa wasu kaya a shafinsa yana buƙatar lasisin Mausuƙ tun 2022, wanda kuɗinsa riyal 15,000 ne na shekara uku. Gwanin da aka nemi lambar lasisinsa ya nuno yawan mabiya, amsar mai abayar nan ya bayar.

Goggo ta kai rahoton shafin ta manhajar Ma'aikatar Kasuwanci ta Balag Tijari, wadda ake iya kiran 1900 a madadinta. Ranar Asabar na ɗauke ta muka shiga kasuwar Balad a Jidda, ta taɓa yadi da hannunta, ta juya ɗinki ta duba ciki, ta yi ciniki har ta samu a kan riyal 52. Ƙarin riyal bakwai a kowace ɗaya, wato 420 a kan guda 60, kuma kayan suna bayan mota lokacin da muka kama hanyar Makka.