Waiwaye: yadda na'ura ta koyi rubuta magana, da yadda ake gano abin da ta ji ba daidai ba

Tun shekarar 1952 ake ƙoƙarin sa na'ura ta ji maganar ɗan Adam. A wannan shekarar injiniyoyin Bell Labs a Amurka suka haɗa wata mai suna Audrey, wadda iyakar saninta lambobi ne daga sifiri zuwa tara. Bayan shekara goma IBM ta nuna Shoebox mai gane kalma 16, a 1976 kuma Harpy ta jami'ar Carnegie Mellon ta haura kalma dubu. Sai a 1997 manhajar Dragon NaturallySpeaking ta ba mutum damar yin magana a jere ba tare da ya tsaya bayan kowace kalma ba. Kusan duk wannan da Turanci aka yi.

Hanyar da aka bi a waɗannan shekarun ita ce tushen kurakuran da muke gani yau. Na'ura ba ta fahimtar zance. Tana auna sautin da ya shiga, sannan ta zaɓi kalmar da ta fi kama da shi cikin waɗanda ta saba gani, musamman wadda ta saba zuwa bayan ta gabanta. Idan ka faɗi abin da ba ta sani ba, ba za ta bar gurbi ba, sai ta cusa mafi kusa.

Mu nan arewacin Kamaru da Chadi, saƙon murya ne ya fara iso mana, bayan WhatsApp ta fito da shi a 2013, kuma ya karɓu nan take, don ɗan kasuwar da karatunsa na allo ne ya huta da neman mai rubuta masa. Mayar da muryar rubutu shi ne ya makara. Wayoyinmu a Faransanci suke saite, idan ka yi musu Hausa sai su zubo kalmomin Faransanci marasa kai da gindi. A 2022 kamfanin OpenAI ya saki Whisper, manhajar mayar da murya rubutu wadda aka horar da ita da sa'a 680,000 na magana, da Hausa cikin harsunanta, amma kusan kashi biyu cikin uku Turanci ne, rabon Hausa ɗan kaɗan. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da tasa manhajar, MMS, mai jin harshe sama da 1,100, ginshiƙin horonta kuwa karatun Sabon Alkawari ne da aka naɗa. Mai karatu a natse cikin ɗaki daban yake da mai magana a tashar Marwa, inda jimla ɗaya kan ɗauko Hausa da Fulatanci da Faransanci, a Kusiri kuma a ƙara da Larabcin Shuwa.

A ɗauki misalin dillalin albasa da ya aika wa maigidansa saƙo Injamena, yaron shago ya mayar da shi rubutu, ga abin da ya fito:

```
Alhaji albarka buhu sitti ta taso daga maraba an biya duwa tukuna direba zai tsaya kusurwa ka bashi jaka goma sha biyu kudin gaisuwa
```

Abu na farko shi ne a karanta shi a bayyane, da sauri, da irin lafazin mai maganar. Kuskuren na'ura yakan riƙe sauti ya saki ma'ana: yawan gaɓoɓi da farkon kalma da jerin wasula sukan tsira. Kunne na kama abin da ido ya wuce. "Albarka" da "albasa" gaɓa uku-uku ne, farkonsu ɗaya, kuma albarka ba a zuba ta a buhu. "Kusurwa" ta zo bayan "tsaya", inda ake jiran sunan wuri, duk motar da za ta haye gadar Ngeli zuwa Injamena kuwa a Kusiri take tsayawa. "Duwa" duwan ce, "gaisuwa" gazuwal, kalmomin aro daga Faransanci da Hausar Kano ba ta amfani da su, can kwastan da gas ake cewa. "Bashi" kuma "ba shi" ne, tunda aikatau ake jira bayan "ka". Sunayen garuruwa da kalmomin aro su ne suka fi lalacewa, su ne kuma suka fi sauƙin gyara ga wanda ya san hanya da sana'ar.

Inda ya kamata a dakata shi ne "maraba". Albasar daga Marwa take, wannan ba shakka. Amma Marwa gaɓa biyu ce, maraba uku. Daga ina ta ukun ta fito? Na'ura ba ta cika ƙaro gaɓa haka kawai ba, galibi daga maƙwabciyar kalma take sato ta. "Marwa, ba a biya" ne ya narke ya koma "maraba an biya". Shaida ta biyu tana gaba kaɗan: "tukuna" ba ta zama da "an biya", abokiyar korewa ce, "ba a biya ba tukuna". Ita "ba" ta ƙarshe gajeriya ce, ƙarar inji ko numfashi na iya haɗiye ta. Ke nan dillali cewa ya yi ba a biya duwan ba, rubutu kuma ya ce an biya. Wanda ya gyara sunayen garuruwa kawai ya miƙa wa Alhaji, ya bar mota ta isa kan iyaka ba kuɗin fito.

A ganina nan ne sababbin manhajoji suka fi tsofaffi haɗari. Na da shirme suke fitarwa, kowa ya gani ya san shirme ne. Na yanzu an koya musu tsara jimla mai santsi, saboda haka ƙaryarsu tana kama da gaskiya. Whisper ma an san ta da ƙirƙiro magana inda aka yi shiru ko hayaniya ta yi yawa: ta maimaita layi ɗaya sau da yawa, ko ta rubuta irin godiyar da ake yi wa masu kallo a ƙarshen bidiyo. Idan ka ga jimla tsaf wadda ba ta haɗa hanya da zancen ba, ko rubutun ya fi tsawon muryar, a zarge shi.

Saura "sha biyu". Wannan ba dabarar da za ta fito da ita. Biyu da biyar farkonsu ɗaya, kowacce ta zauna daram a jimlar, nahawu bai fifita ɗaya ba. Jaka sefa dubu ce, don haka tazarar sefa 3,000 ce. Mutum na iya cewa tafiyar Marwa zuwa Kusiri ta fi kilomita 250, sha biyar ta fi dacewa, amma wannan hasashe ne, ba a biyan kuɗi da shi. Haka sunan mutum, da lambar waya, da adadin ƙwayar magani. Ga kuma ƙidayar kasuwa da dala, ko riyal a Chadi, inda ɗaya ke nufin sefa biyar: ko na'ura ta ji "ɗari" daidai, ba ta san ɗari biyar ake nufi ba.

Yaron shago sai ya koma kan muryar, ya saurari wannan gurbin sau biyu da abin kunne. Idan bai fito ba, ya sa alamar tambaya a wurin, kada ya cike da zato, ya ajiye ainihin rubutun na'urar kusa da gyaransa don Alhaji ya ga abin da aka taɓa. Sannan a kira dillali: "Malam, sha biyu ka ce ko sha biyar? Duwan kuma, an biya ko ba a biya ba? Turo mana adadin da lamba, ka ce sefa ne ko dala."