Dokar Hooke da Rodin Gini: Rashin Tsinkewa Ba Shaidar Lafiya Ba Ne

Akwai maganar da ta yaɗu tsakanin 'yan kwangila cewa muddin rodi bai tsinke ba, to lafiyarsa lau, kuma injiniyoyi tsoro ne kawai ke sa su ƙara yawan ƙarfe. Wannan fahimta kuskure ce, kuma zanen da ake samu idan an ja rodi a injin gwaji yana nuna dalili.

A zanen, ana auna ƙarfin jan da ke kan kowace murabba'in milimita a tsaye, miƙewar ƙarfen kuma a kwance. Farkonsa miƙaƙƙen layi ne, inda dokar da Robert Hooke ya wallafa a 1678 take aiki: idan aka ninka ja, miƙewa ma ta ninka. Karkatar wannan layi ita ce ma'aunin tauri da ake jinginawa ga Thomas Young, kusan 200,000 N/mm² a ƙarfen gini, kuma kusan ɗaya ne a rodi mai lamba 250 da mai lamba 500, lambobin da ke nuna yawan N/mm² da rodin ke jurewa kafin ya saki. Saboda haka mai tsammanin rodin 500 zai rage lanƙwasar bim ya yi kuskure, domin abin da ya fi shi ne jure ja kafin ya saki.

Mu ɗauki rodi mai kaurin milimita 12, wanda faɗin yankansa ya kai murabba'in milimita 113. Idan aka rataya masa tan 2, kowace mita za ta miƙe da ƙasa da milimita ɗaya, kuma da zarar an sauke nauyin zai koma tsawonsa. Haka zai ci gaba har iyakar komawa, wadda take dab da gaɓar saki, inda ƙarfen ke fara miƙewa ta dindindin. A rodin 500, sakin yana zuwa wajen tan 5.8, lokacin da mita ta ƙaru da milimita 2.5. Daga nan ƙarfen yana ta miƙewa ba tare da an ƙara nauyi sosai ba, kuma ba zai sake komawa yadda yake ba. A gini, alamar haka ita ce tsagar da ta buɗe a ƙarƙashin bim ta ƙi rufewa.

Ƙololuwar ƙarfi tana gaba kaɗan. Ƙa'idar BS 4449 ta 2005 ta ce a rodin B500B, wani nau'in rodin 500, dole ƙololuwar ta zarce gaɓar saki da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wato wajen tan 6.2. Bayanta ne wuri ɗaya yake sirancewa ya tsinke.

Ƙa'idar zanen gini ta Turai ba da ƙololuwar take lissafi ba. Tana raba 500 na gaɓar saki da 1.15, a yi aiki da 435. Masu biyan kuɗin rodi suna ganin an matsa musu, amma a ganina wannan rangwame bai yi yawa ba, ganin cewa rodin da aka saya a matsayin mai kaurin milimita 12 idan ya fito 11 ya riga ya rasa kashi 16 cikin ɗari na faɗin yankansa.