Idan duba-gari zai zo gidan abincinki

Yawancin masu gidan abinci da sun ji duba-gari na zagaye sai su kama sharar gaban shago da goge tebura. Shi kuwa jami'in, da an gaisa, bayan gida zai nufa: inda ake girki, inda ake wanke-wanke, da inda ruwan wanke-wanken yake gangarawa.

Da farko a san wanda ke da hurumin zuwa. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora kula da gidajen abinci da gidajen burodi a wuyan ƙaramar hukuma, shi ya sa jami'an tsabtar muhalli, waɗanda muka fi sani da duba-gari, su ne ke leƙa mai tuwo da mai shayi. Hukumar NAFDAC tana shigowa ne idan kaya ana ƙulla shi da suna a kai kasuwa, kamar burodi, ruwan leda ko yogot. Sannan dokar abinci da magunguna ta 1974 ta hana sayar da abincin da aka dafa ko aka ajiye cikin ƙazanta, ko da babu wanda ya ci ya kwanta ciwo. Kina da 'yancin neman ganin katin shaidar duk wanda ya ce aiki ya kawo shi, kuma kowane kuɗi da za ki biya a ba ki rasit.

Mu ɗauki mace mai sayar da tuwo da shinkafa, tana da ma'aikata biyar. Abin da aka fi kama mutane da shi takarda ce. Ban da lasisin wurin, kowane mai taɓa abinci yana buƙatar takardar shaidar lafiya daga asibitin da hukuma ta yarda da shi, inda ake duba cututtuka irin su taifot da tarin fuka da ciwon hanta. A wurare da dama bayan wata shida ake sabunta ta. Uwar ɗaki takan yi wa kanta da mai girki, ta manta da yarinyar da ke wanke kwanuka da yaron da ke kai oda, alhali hannunsu ma yana kan farantin. Taifot kuwa mutum yakan warke ya ci gaba da yaɗa shi ba tare da ya sani ba, dalilin gwajin ke nan. A tattara takardun duka shida, har da ta uwar ɗaki, a fayil guda, a ajiye shi a shagon. "Yana gida" ba amsa ba ce.

Sai firij, inda rashin wuta ke tona asiri. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce abin sanyi ya zauna ƙasa da digiri 5, abin zafi sama da digiri 60, dafaffen abinci kuma kada ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Ki lissafa: miyar da aka sauke ƙarfe sha ɗaya, aka bar ta a roba har la'asar cikin zafin bazara, ta daɗe da fita daga ƙa'ida ko da ba ta yi tsami ba. Maganinta a bar tukunyar a kan garwashi, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Idan jami'i ya buɗe firiza ya ga jini ya daskare a ƙasa, ya san naman ya narke ya sake ƙanƙara. Ɗanyen nama ya zauna a ƙasa cikin mazubi mai murfi, dafaffe a sama, kuma wuƙa da katakon yankan nama kada su taɓa latas da tumatir.

A sito, buhunan shinkafa da gari su hau kan katako, a ɗan janye su daga bango don a iya share bayansu. Kashin ɓera a nan yake ɓuya, jami'in kuma ya san wurin. Fiya-fiya, kananzir da omo ba sa kwana ɗaki ɗaya da abinci; wannan kam ko ba don duba-gari ba. Gwangwanin tumatir da ya kumbura ko ya wuce wa'adi a fitar da shi. Randar ruwa ta kasance da murfi da moɗa mai mariƙi, kwandon shara da murfi, bakin bayi da ruwa da sabulu, kwata kuma tana gudu.

In an ga matsala, galibi takardar gargaɗi ake fara bayarwa, wadda ta lissafa abin da za a gyara da kwanakin da aka ɗiba. Ki karanta kafin ki sa hannu, ki riƙe kofi, ki ɗauki hoton gyaran da kika yi. Wanda ya yi biris har wa'adi ya cika shi ake kaiwa kotu, a wasu jihohi ta tafi-da-gidanka. Ruɓaɓɓen abinci dai ba a ba shi wa'adi, nan take ake kwashe shi, kuma idan haɗarin ya yi yawa ana iya rufe wurin a ranar.