Rajistar kafaffun kadarori a sashen kuɗi na manhajar kamfani

Rajistar kafaffun kadarori kundi ne da ake rubuta duk wata kadara da kamfani ko hukuma ta mallaka don ta yi aiki da ita fiye da shekara guda, ba don ta sayar ba. Gine-gine da injuna da motoci da kwamfutoci da kayan ofis duk suna ciki. A manyan manhajojin tafiyar da kamfani, irin su SAP da Oracle da Microsoft Dynamics 365, rajistar tana ƙarƙashin sashen kuɗi a matsayin ƙaramar laja, wato kundin da ke ƙarƙashin babban littafin asusun kamfani da ake kira babbar laja. Ita ke riƙe bayanin kowace kadara ɗaya bayan ɗaya, babbar laja kuwa jimla kawai take gani. Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce, jimlar abin da ke rajista dole ta yi daidai da abin da ke asusun kadarori na babbar laja a ƙarshen kowane wata.

Asali

Rubuta kowace mu'amala sau biyu, debit a hagu da kiredit a dama, tsohuwar hanya ce ta fataken Italiya, wadda Luca Pacioli ya buga bayaninta a Venice a 1494. Lissafin raguwar darajar kadara a kai a kai ya zo daga baya sosai. Galibi ana danganta bunƙasarsa da kamfanonin jirgin ƙasa na ƙarni na 19, waɗanda suka zuba jari mai yawa a dogo da tarago, sannan suka fuskanci tambayar nawa ne riba ta gaskiya idan kayan suna cinyewa. Kafin zuwan kwamfuta, kati ake buɗe wa kowace kadara, akanta ya riƙa rubuta ragin shekara da hannu. Shafin kadara na manhajar yau bai yi nisa da wannan katin ba. Ma'aunin ƙasa da ƙasa da ke tsara wannan fanni shi ne IAS 16, wanda ya fara fitowa a 1982, aka yi masa babban gyara a 2003.

Abin da shafin kadara ke ɗauke da shi

Kowace kadara tana da lamba, wadda sau da yawa ake manna ta a jikin kayan. Akwai ranar saye da ranar fara aiki, kuɗin da aka kashe, shekarun da ake sa ran za ta yi, darajar da ake tsammanin za ta kasance da ita a ƙarshe, wurin da take, da sashen da zai ɗauki nauyin kuɗinta. Abin da ya fi nauyi a cikinsu shi ne aji. Ajin kadara, misali motoci ko injuna, shi ke tantance asusun babbar laja da lissafin zai faɗa, kuma shi ke kawo hanyar rage daraja da adadin shekaru tun farko. Idan aka saka kadara a ajin da ba nata ba, kuskuren zai riƙa maimaita kansa kowane wata ba tare da manhaja ta yi ƙorafi ba.

Shigar da sabuwar kadara

Kuɗin kadara ya wuce farashin da ke takardar mai sayarwa. IAS 16 ya haɗa da kuɗin fito da harajin da ba a maidowa, da duk abin da aka kashe kai tsaye don kai kayan wurin aikinsa da sa shi a yanayin da zai yi aiki, bayan an cire rangwame. Kuɗin horar da ma'aikata da na talla da na gudanarwar yau da kullum ba sa shiga.

A ɗauki misalin inji da aka saya 120,000, aka biya 6,000 na dako da 4,000 na girkawa, sannan 3,000 don koya wa ma'aikata sarrafa shi. Abin da zai shiga rajista 130,000 ne. Kuɗin horarwar yana tafiya asusun kashe-kashen wannan shekarar. A babbar laja za a yi wa asusun injuna debit na 130,000, a yi wa asusun masu bin kamfani bashi kiredit na daidai wannan adadi.

Manhajoji sun bambanta kan hanyar da takardar saye ke isa rajista. A SAP ana buɗe shafin kadarar da lambar umarni AS01, sannan a ɗora kuɗin a kanta da lambar umarni F-90 ko ta hanyar odar saye. A Oracle takardun da sashen biyan kuɗi ya karɓa suna taruwa a Mass Additions, inda akanta zai duba su kafin su zama kadara. Wasu tsare-tsaren suna amfani da asusun wucin gadi tsakanin sashen saye da rajista, kuma duk kuɗin da ya daɗe a wannan asusun alama ce ta kayan da aka biya amma ba a yi musu rajista ba.

Kadarar da ake kan ginawa tana da ajinta daban, inda kuɗi ke taruwa ba a rage mata komai har sai an kammala. Kowane kamfani kuma yana da mafi ƙarancin kuɗin da kaya zai kai kafin a ɗauke shi kadara. Ma'aunin bai yanka adadi ba.

Hanyoyin rage daraja

Rage daraja rarraba kuɗin kadara ne a kan shekarun da za ta yi aiki. Ba ƙoƙari ne na bin farashinta a kasuwa ba, shi ya sa darajar da ke littafi kan yi nisa da abin da mai saye zai bayar. Lissafin yana farawa ne daga lokacin da kadara ta zama a shirye don aiki, ko da ba a kunna ta ba tukuna. Fili, in ban da irin wuraren haƙar dutse da makamantansu, ba a rage masa daraja.

Hanya mafi yaɗuwa ita ce ta rabo daidai:

```
ragin shekara = (kuɗin kadara - darajar ƙarshe) / shekarun aiki
```

Idan injin da aka ambata zai yi shekara 5, kuma ana sa ran darajarsa ta ƙarshe 10,000 ce, ragin shekara 24,000 ne, wato 2,000 a wata.

Hanya ta biyu tana ɗaukar kaso ɗaya tsayayye daga abin da ya rage, don haka ragin ya fi yawa a farko. Da kashi 40 cikin ɗari, shekarar farko za ta ci 52,000, ta biyu 31,200, ta uku 18,720, ta huɗu 11,232. A nan darajar littafi ta sauko 16,848. Kashi 40 na wannan bai isa ya kai ta 10,000 cif ba, saboda haka a shekarar ƙarshe ake cire 6,848 gaba ɗaya. Manhajoji da dama suna da zaɓin komawa rabo daidai idan ya kai matakin da shi ne ya fi yawa, kuma wanda bai saita wannan ba, zai tarar da ɗan saura maƙale a kan kadarar bayan wa'adinta ya cika.

Ta uku tana bin yawan aiki. Injin da aka kiyasta zai yi awa 60,000 zai ci 2 a kowace awa, sai dai dole wani ya riƙa shigar da karatun mita kowane wata. An hana lissafin ragi bisa kuɗin shiga a gyaran da aka yi wa IAS 16 a 2014.

Ana sake duba shekarun aiki da darajar ƙarshe aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan kiyasin ya canza, abin da ya rage ne ake rabawa a kan sauran shekarun, ba a komawa baya a gyara na shekarun da suka wuce. Lissafin haraji yakan bi dokar kowace ƙasa, wadda ba lallai ta dace da na littafin kamfani ba. Don haka kadara ɗaya kan ɗauki lissafi biyu ko fiye a lokaci guda, abin da SAP ke kira Depreciation Area, Oracle kuma Book. Batun sake kimanta kadara zuwa farashin kasuwa ana saɓani a kansa: IAS 16 ya yarda, ƙa'idojin Amurka ba su yarda ba.

Aikawa babbar laja

A ƙarshen wata ana gudanar da aikin rage daraja, wanda a SAP ake kira da AFAB. Ga injin misalin, asusun kashe-kashen raguwar daraja zai sami debit na 2,000, asusun tararren ragi kuma kiredit na 2,000. Asusun injuna yana nan a 130,000 ba a taɓa shi ba, darajar littafi kuwa ita ce bambancinsa da asusun tararren ragi. Akan yi gwaji tukuna a duba adadin kafin a aika na gaske, domin janye abin da aka riga aka aika aiki ne mai wahala, musamman idan an rufe watan.

Asusun kadarori a babbar laja ana kulle su ne yadda rajista kaɗai ke iya rubutu a cikinsu. Inda aka bar su a buɗe, rubutun hannu guda ya isa ya raba rajista da laja. Sauran abubuwan da kan kawo saɓani su ne watan da aka manta ba a gudanar da ragi ba, da kadarar da aka shigar da tsohon kwanan wata, da jimlar da aka kwaso daga tsohuwar manhaja ba a daidaita ta ba.

Fitar da kadara

Kadara tana fita ta hanyar sayarwa, ko yasarwa, ko ɓata, ko kyauta. A kowane hali ana cire kuɗinta na asali da tararren raginta, bambancin darajar littafi da abin da aka samu ya zama riba ko asara.

A ce an sayar da injin 40,000 bayan wata 42. Tararren ragi ya kai 84,000, darajar littafi 46,000, asara 6,000. Rubutun zai kasance debit na 40,000 ga banki ko mai saye, debit na 84,000 ga tararren ragi, debit na 6,000 ga asusun asarar sayar da kadara, sai kiredit na 130,000 ga asusun injuna. Da an fitar da shi ba tare da lissafa wata shida na shekara ta huɗu ba, asarar za ta nuna 18,000. Ribar shekarar ba za ta canza ba, amma 12,000 ya koma layin da ba nasa ba.

Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne a rubuta kuɗin sayarwar a matsayin ciniki, a bar kadarar a rajista. Injin ya bar harabar kamfani, amma manhaja tana ci gaba da cire masa 2,000 duk wata, wani lokaci har inshora ake biya masa. Ba a gano irin wannan ta hanyar daidaita rajista da laja, tunda su biyun sun yarda da juna. Ƙidayar kaya ido da ido ce ke tona shi, shi ya sa masu binciken kuɗi kan bi ta fuska biyu: su zaɓi lamba a rajista su nemi a nuna musu kayan, sannan su zaɓi kaya a wurin aiki su nemi lambarsa a rajista.

Kadarar da aka ware don sayarwa tana komawa ƙarƙashin wani ma'aunin ƙasa da ƙasa, IFRS 5, kuma daga ranar ake dakatar da rage mata daraja. Wadda darajarta ta ƙare amma tana aiki tana zama a rajista har ranar da aka fitar da ita.