Mene ne luminositi mask, kuma yaya ake yanke ganyen bishiya da shi?

Duk mai aikin hoto a Photoshop ya san ciwon kan yanke bishiya irin darbejiya idan sama ce a bayanta, ganye ƙanana ga ɗan haske yana leƙowa ta tsakaninsu, in ka ce da Pen Tool za ka bi ai sai ka kwana. A nan luminositi mask yake shigowa. Ma'anarsa zaɓen wani ɓangare na hoto ta hanyar haskensa, ba ta bin gefen abu da hannu ba. Fari an zaɓe shi gaba ɗaya, baƙi an bar shi, toka-toka kuma an ɗauki wani kaso nasa, wannan tokar ce ke sa bakin ganye ya fito da laushi.

Buɗe Channels za ka ga Red, Green da Blue, kowanne hoton ne dai amma baƙi da fari. Yawanci Blue ake ɗauka saboda shuɗin sama yana fitowa da haske sosai a cikinsa, koren ganye kuma ya yi duhu. Amma ka duba dukansu ukun tukuna, musamman hoton lokacin hunturu da hazo ya mai da sama ruwan ƙasa.

Ka yi Duplicate Channel a kan Blue ɗin, kar ka taɓa na asali don kalar hoton za ta lalace. A kan kwafin danna Ctrl+L don buɗe Levels, ka jawo kibiyar baƙi daga 0 zuwa ciki, ta fari ma daga 255 zuwa ciki har sama ta yi fari ganye ya yi baƙi. To a nan mutane ke ɓata aiki, sai su matse kibiyoyin su kusa haɗewa, tokar ta ɓace, siraran rassa su tsinke, bakin ganye ya koma kamar haƙorin zarto. Gara ka tsaya da wuri, ka ƙarasa da Dodge mai ƙara haske a kan Highlights, da Burn mai ƙara duhu a kan Shadows. Ganyen da rana ta haska yana ƙyalli shi ma fari zai fito, ka shafe shi da baƙi in ba haka ba rami zai zama.

Sai ka riƙe Ctrl ka danna ɗan hoton kwafin, sama ce aka zaɓa kenan. Koma RGB, danna Ctrl+Shift+I zaɓen ya juya kan bishiya, ka sa Layer Mask, shi zai ɓoye sama ya bar bishiya.

Don ka gwada, shimfiɗa kala mai duhu a ƙarƙashi ka zuƙo hoton 100%. Idan ka ga farin zare ya zagaye ganye, ragowar tsohuwar sama ce. Danna mask ɗin ka je Filter > Other > Minimum ka mai da Preserve kan Roundness, ka sa Radius kamar 0.5 zuwa 1, zai ɗan ci gefen. Kuma sabuwar samar ka zaɓi wadda haskenta ya yi kusa da na tsohuwar, don in ka sa ta magariba a bayan ganyen da aka ɗauka da tsakar rana zaren zai sake fitowa.