Daƙiƙa 0.4: abin da ƙa'idar wayarin take nema daga birekar gidanka

Magana biyu ce take yawo a shagunan kayan lantarki da tsakanin masu gini, kuma duk biyun suna da haɗari. Wasu suna cewa muddin an kafa rodin atin a bayan gida, an zuba masa gishiri da gawayi, kuma akwai bireka a akwati, to wuta ba za ta ja kowa ba. Wasu kuma tsoro ya kama su, sun ji cewa mai duba wayarin zai ƙi amincewa da gida sai awon rodin ya sauko kusan om 1, abin da rodi ɗaya a busasshiyar ƙasa irin tamu da wuya ya kai. Na farko sun raina ƙa'idar, na biyu sun karanta ta a gurguje.

Ƙa'idar tana cikin BS 7671, kundin wayarin na Birtaniya da masu aikin wuta da yawa a Najeriya suka yi karatu da shi, wanda bugunsa na 18 ya fito a 2018, kuma tushenta yana cikin IEC 60364 na ƙasa da ƙasa. Ta shafi gidaje da shaguna da ofisoshi masu wutar bolt 230. Abin da take cewa shi ne: idan wayar wuta ta taɓa jikin ƙarfe na wani kaya, kamar hita ko firiza, dole na'urar kariya ta yanke wutar cikin ƙayyadadden lokaci. A layukan soket da na ƙananan kaya, lokacin daƙiƙa 0.4 ne a tsarin TN, inda wayar atin take komawa taransifoma ta cikin ƙarfe. A tsarin TT, inda gida ya dogara da rodinsa, daƙiƙa 0.2 ne. Manyan wayoyin da suke kai wuta daga akwati zuwa akwati an ba su daƙiƙa 5 a TN, daƙiƙa 1 a TT.

Wato tambayar ita ce saurin yankewa. Samun atin kawai bai amsa ta ba.

Bireka ba ta san ana jan mutum ba. Yawan wutar da ke bi ta cikinta kaɗai take ji, kuma hanya biyu take faɗuwa. Akwai ɗan ƙarfe a cikinta da yake lanƙwashewa idan ya yi zafi, wannan shi ne maganin lodi, kuma yana iya ɗaukar daƙiƙoƙi ko mintoci. Akwai kuma maganaɗisu da yake fizge ta nan take, amma sai wuta mai yawa ta wuce. Harafin da ke jikin birekar shi yake faɗin yawan. Mai B tana faɗuwa nan take tsakanin ninki 3 zuwa 5 na lambarta, mai C tsakanin 5 zuwa 10, mai D tsakanin 10 zuwa 20. Ƙa'ida tana ɗaukar babbar lambar, domin ita ce tabbas. Saboda haka B20 tana bukatar amfiya 100, C20 kuma amfiya 200.

Ko wannan wuta za ta samu, ya danganta da hanyar da za ta bi. Daga taransifoma take tasowa, ta bi wayar wuta har wurin da aka samu matsala, ta shiga wayar atin, ta koma taransifoma. Kowane taku na wannan zagaye yana da turjiyar da yake yi wa wutar, kuma jimillar ita ake rubutawa Zs, ana auna ta da om. Idan turjiyar ta yi yawa, wutar da za ta zaga kaɗan ce, birekar ta zauna lafiya, jikin hitar kuwa ya zama tarko.

```
Zs = Ze + (R1 + R2)
Zs × Ia ≤ 230 × 0.95
```

Ze shi ne rabon waje, daga akwatin gida zuwa taransifoma da dawowa. R1 wayar wuta ce ta cikin gida, R2 wayar atin, Ia kuma wutar da birekar take bukata don ta faɗi nan take. Lambar 0.95 rangwame ne saboda wuta ba kullum take cika 230 ba.

Mu ɗauki hitar banɗaki a gida mai tsarin TN. An ja mata waya mai kaurin 2.5, atin ɗinta mai 1.5, tsawon mita 30. Irin wannan waya, zuwa da dawowa, tana da kusan om 0.0195 a kowace mita, wato om 0.59 gaba ɗaya. A ce an auna Ze a akwati an samu 0.6. Zs ya zama om 1.19. Idan wayar wuta ta taɓa jikin hitar, kusan amfiya 190 za su zaga. B20 amfiya 100 take nema, iyakar Zs ɗinta om 2.19, don haka layin ya ci da sarari mai yawa.

Yanzu a ce birekar tana yawan faɗuwa, mai gida ya gaji, wani ya ce a sa mai C, ai duk 20 ce. Ba a taɓa waya ko ɗaya ba, amma iyakar ta sauko zuwa om 1.09, kuma 1.19 ya haura ta. Wataƙila birekar ta faɗi nan take, tunda wasu masu C suna faɗuwa kafin ninki 10. Wataƙila kuma ta jira ƙarfen zafin nan na wasu daƙiƙoƙi, alhali mutum yana tsaye da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Wannan canji na harafi ɗaya ya fi damuna fiye da kowane kuskure, domin babu abin da ido zai gani, kuma wanda ya yi shi yakan ɗauka taimako ya yi.

Akwai wani sashe da yake haddasa gardama tsakanin mai wayarin da mai dubawa. Mai wayarin ya auna, mita ta nuna 2.0, ya buɗe jadawalin kundin ya ga 2.19, ya ce ya ci. Mai dubawa ya ce bai ci ba. Ba neman na goro ba ne. Lambobin jadawalin na waya ce mai zafi, wadda take ɗauke da lodi har ta kai digiri 70, alhali awo ana yin sa ne waya tana sanyi. Tagulla idan ta yi zafi turjiyarta ƙaruwa take yi, kusan kashi 20 cikin ɗari tsakanin digiri 20 da 70. Shi ya sa ake ninka lambar jadawali da 0.8 kafin a gwada ta da awo. Ga B20 abin da ake nema a mita shi ne 1.75 ko ƙasa, ga C20 kuma 0.87. Wanda ya samu 2.0 yana da gyara a gabansa: ya duba haɗin da ya yi sako-sako, ko ya ƙara kaurin wayar atin, ko ya rage tsawon layin.

To, masu tsoron om 1 fa? A nan suka cakuɗa tsari biyu. Gidajenmu da yawa TT ne, wuta da nutural kawai suke shigowa, atin kuwa rodi ne a ƙasa. Hanyar dawowa ƙasa ce, ba tagulla ba. A ce rodin gidan yana da om 40, sauran zagayen 10, jimilla 50. Wutar da za ta zaga amfiya 4.6 ce. Birekar 20 ba za ta faɗi ba ko an shekara, domin a wurinta wannan bai kai lodin ayan ɗin guga mai ƙarfi ba, jikin hitar kuwa yana ɗauke da kusan bolt 184. Wannan ita ce amsa ga masu cewa rodi da bireka sun isa.

Ƙa'idar ta san haka, kuma ba ta ce a haƙa har a kai om 1 ba. A tsarin TT ta dogara ne da RCD, na'urar da take gwada wutar da ta tafi da wadda ta dawo ta nutural, ta yanke idan sun bambanta. Sharaɗin shi ne turjiyar atin a ninka da wutar faɗuwar na'urar kada ta wuce bolt 50. Ga RCD mai 30 mA, wato amfiya 0.03, lissafin yana ba da om 1667. Rodinmu mai om 40 ya wadatar, kuma amfiya 4.6 ta ninka abin da na'urar take nema fiye da sau 150, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Sai dai kada lambar 1667 ta ruɗi kowa. Kundin da kansa ya yi gargaɗin cewa rodin da ya haura om 200 ba abin dogaro ba ne, domin awonsa yana canzawa da yanayi. Rodin da aka auna a Agusta ƙasa tana jiƙe zai ba da wata lamba dabam a watan Maris. Gishirin da ake zubawa yana rage turjiya da farko, amma ruwa yana wanke shi, kuma yana cin ƙarfen.

Gwajin ƙwan fitila ma ya kamata a daina dogaro da shi. Ana haɗa ƙwai tsakanin wuta da atin, idan ya kama a ce atin yana da kyau. Ƙwai mai wat 100 bai cin ko rabin amfiya, zai haska tar ko da zagayen om 50 ne. Danna maɓallin gwaji na RCD kuma na'urar kaɗai yake gwadawa, bai ce komai a kan wayar atin ba. Mitar awon Zs ce take faɗin gaskiya, kuma a ƙarshen layi ake aunawa, soket mafi nisa daga akwati.

Game da hukunci, BS 7671 kundin ƙa'ida ne na sana'a, ba kundin laifuka ba. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke da alhakin dubawa da gwadawa da ba da shaidar ingancin aikin lantarki. Layin da ya faɗi awon Zs gyara yake nema, kuma sau da yawa gyaran bai wuce mayar da bireka mai B ko ƙara RCD ba. Fasa bango a sake wayarin gida duka ba shi ne matakin farko ba.

A ganina ƙa'idar ta yi adalci, sai dai an rubuta ta ne don inda wuta take tsayawa kusa da 230. Rangwamen 0.95 ya ɗauka ba za ta sauka ƙasa da bolt 218 ba. A unguwar da take sauka zuwa 180 da magariba, layin B20 da yake daidai kan iyakar 2.19 amfiya 82 kawai zai samu, bai kai 100 ba, ko da yake ya ci a takarda. Haka idan an juya gida zuwa inbata mai 3 kVA: abin da take bayarwa kusan amfiya 13 ne, ko ta ninka shi na ɗan lokaci ba za ta je kusa da 100 ba. Awon da aka yi da wutar kamfani bai shafi wannan hali ba. A nan ma RCD ce mafita, da sharaɗin an haɗa nutural ɗin inbatar ko janareton da atin yadda kamfanin da ya ƙera ya tsara, in ba haka ba wutar da ta kuɓuce ba ta da hanyar dawowa da na'urar za ta ji. Shi ya sa nake gaya wa duk mai haɗa akwatin canji ya auna sau biyu, sau ɗaya a kan wutar kamfani, sau ɗaya a kan ta gida.