Kuɗin shiga Venice: me dokar ta ce, kuma ta yaya ake sanin gari ya cika?

Tun ranar 25 ga Afrilun 2024, wanda ya zo yini a tsohon birnin Venice na ƙasar Italiya, wanda ke kan tsibirai cikin ruwa, ba tare da niyyar kwana ba, sai ya biya kuɗin shiga idan zuwansa ya faɗo a ranakun da hukumar birni ta ware. A shekarar farko ranaku 29 ne, kuɗin kuwa yuro 5. A 2025 aka faɗaɗa zuwa ranaku 54, daga 18 ga Afrilu zuwa 27 ga Yuli, yawancinsu Juma'a da Asabar da Lahadi. Dokar tana aiki ne daga ƙarfe 8:30 na safe zuwa 4:00 na yamma. Mutum zai yi rajista ta intanet, ya biya, a turo masa lambar QR, ita zai nuna wa jami'ai in sun tsayar da shi a bakin tashar jirgin ƙasa ta Santa Lucia ko a Piazzale Roma, inda motoci ke sauke mutane. Wanda aka kama ba shi da ita, tarar tana kamawa daga yuro 50 zuwa 300.

A ɗauki magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu, ɗaya mai shekara 16, ɗaya mai shekara 10, sun shirya zuwa wata Asabar a watan Mayun 2025. Ƙaramin ba ya biya, don an ɗauke wa duk wanda bai kai shekara 14 ba. Saura mutum uku. In sun yi rajista aƙalla kwana huɗu kafin ranar, kowa yuro 5 ne, jimla 15. In sun bari sai ana gobe, kuɗin ya ninka, za su biya 30. Da za su kama ɗaki a otal cikin yankin hukumar birnin, ko da a Mestre ne can kan tudu, ba za su biya ba, saboda akwai harajin kwana da ake karɓa a otal, sai dai su nemi shaidar an ɗauke musu. Da kuma za su iso bayan ƙarfe huɗu, babu mai tambayarsu komai. Mazauna gari da masu aiki ko karatu a cikinsa da 'yan yankin Veneto, inda Venice take, duk an ɗauke musu biyan.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, dokar ba ta sa iyaka ga yawan masu shiga ba. Ko mutum nawa suka biya a rana, za su shiga. Magajin garin da ya kawo tsarin, Luigi Brugnaro, ya sha nanata cewa ba rufe birni ake yi ba. To in ba a faɗi adadi ba, da me za a gane cewa matakin ya yi aiki? Nan ne maganar auna ƙarfin gari ta shigo.

Masana ba sa auna wannan da faɗin ƙasa kawai, wato a raba filin gari da inda mutum ɗaya zai tsaya. Wannan lissafi yakan ba da adadi mai girman da ba shi da amfani, don baƙi ba sa bazuwa ko'ina. Kusan kowa hanya ɗaya yake bi, daga tasha zuwa gadar Rialto zuwa dandalin San Marco, ta lunguna waɗanda a wasu wurare mutum biyu ba sa jerawa cikin walwala. Hanyar da Elio Canestrelli da Paolo Costa suka bi a binciken da suka wallafa a 1991 ita ce a duba kowace hidima da baƙo ke dogara da ita, a ga iyakarta: gadajen kwana, kujerun gidajen abinci, wuraren ajiye motoci, jiragen ruwa na haya, kwashe shara, da yawan mutanen da cocin San Marco ke iya karɓa a yini. Garin kamar mazurari yake, komai faɗin bakinsa, abin da ƙaramar kafar ta bari shi ke wucewa. Hidimar da ta riga sauran cika, ita ce ta yanke adadi.

Kuma ba kowane baƙo ne nauyinsa ɗaya ba. Mai kwana yana cin gado, amma zirga-zirgarsa tana rarrabuwa tsakanin safe da dare, kuma yana barin kuɗi mai yawa a gari. Mai yini ba ya taɓa gado, sai dai shi da dubban irinsa suna shigowa lokaci guda, su cika jirgi da gada da dandali a sa'o'i kaɗan, su tafi. Shi ya sa lissafin ba ya tsayawa a jimla, yana neman haɗin da ya fi dacewa tsakanin rukunin biyu. Binciken 1991 ya ba da sama da mutum dubu 20 a rana. Da wasu masana na jami'ar Ca' Foscari suka sake yin lissafin da irin wannan hanya a 2020, sai suka samu kusan dubu 52.

Lungunan ba su ƙara faɗi ba a tsakanin shekarun nan. Abin da ya ƙaru shi ne gadaje da gidajen abinci da sufuri, kuma yawancin sababbin gadajen daga gidajen zama suka fito, waɗanda aka mayar na haya ga baƙi. A ganina nan ne babban raunin wannan awo: gari zai iya ƙara ƙarfin ɗaukar baƙi a takarda ta hanyar rasa mutanensa. A 1951 kusan mutum dubu 175 ke zaune a tsakiyar Venice. A 2022 sun faɗo ƙasa da dubu 50, kuma a 2023 gadajen baƙi suka zarce yawan mazauna. Akwai wani kantin magani kusa da Rialto da ya kafa allo a tagarsa yana nuna adadin waɗanda suka rage, masu wucewa suna kallon lambar tana sauka. Duk awon da bai sa wannan a ma'auni ba, jin daɗin baƙo kawai ya auna. Alamomin da ya kamata a riƙa bi su ne ko ma'aikaci na samun gurbi a jirgin safe, ko kantin kayan masarufi ya koma na tsaraba, da nawa hayar gida ta kai ga mai zama shekara da shekaru.

Hukuma ba ta rasa kayan ƙirga ba. Tun 2020 akwai cibiyar sa ido a tsibirin Tronchetto mai amfani da kyamarori da bayanan wayoyin hannu don sanin yawan mutane da inda suka taru. Akwai kuma dokokin da suka sa iyaka ta gaske: daga Agustan 2021 an hana manyan jiragen ruwa masu fiye da tan dubu 25 bi ta mashigin Giudecca, daga Agustan 2024 kuma ayarin masu yawon buɗe ido ba zai wuce mutum 25 ba, kuma an hana jagora amfani da lasifika. Waɗannan ana iya ganin ko an bi su ko an karya.

Kuɗin shiga ba haka yake ba. A 2024 ya tara sama da yuro miliyan 2, wanda ke nuna mutane sun gwammace su biya su shiga, don yuro 5 ba ya sauya shawarar wanda ya riga ya sayi tikitin jirgin sama. Kwamitin UNESCO ya duba sa Venice cikin jerin wuraren tarihi masu fuskantar haɗari a 2021 da 2023, bai sa ta ba, kuma a karo na biyu shirin kuɗin shigar yana cikin abin da Italiya ta gabatar a matsayin mataki. Amfanin da tsarin ya kawo zuwa yanzu shi ne rajista, domin hukuma tana iya sanin tun da wuri mutum nawa ke tafe wata rana. Abin da ya rage mata shi ne ta bayyana adadin da in an kai shi za ta ce ya isa, ta kuma faɗi matakin da za ta ɗauka a ranar.